Abin da Kwamiti Ya Gani

Mutum na farko da ya fita daga Tudun Kanya ya tsaya gaban kwamitin tallafin karatu shi ne Uwaisu ɗan Liman Yahya, a daminar 1988. Ya ci jarrabawar rubutu da maki mafi yawa a yankin, ya tafi ganawar baki da sabuwar riga, ya dawo ba a ɗauke shi ba. Bayansa an tura wasu bakwai a shekaru daban-daban, kowannensu zakaran ajinsu, kowannensu ya dawo kamar yadda Uwaisu ya dawo. Mutanen gari suka yanke cewa sai mai hanya ake ɗauka. Na ƙarshe a cikinsu shi ne Zaharaddini ɗan Malam Sabo, wanda ya je a 2016.

Shekara shida bayan haka, Zaharaddini yana koyar da lissafi a ƙaramar sakandaren garin da takardar malanta da ya samu da kyar, da yamma kuma yana taya mahaifinsa noman tumatir a fadamar da ke shan ruwan madatsar Watari. Wata Litinin yana durƙushe a bayan ofis yana kwance injin ban ruwan wani maƙwabci, ya ji murya a kansa.

"Sannu da aiki, Injiniya. Ina ne ofishin shugaban makaranta?"

Ya ɗago kai kaɗan. Budurwa ce da farin mayafi da jaka cike da littattafai, tana kallonsa ido cikin ido ba tare da wata rashin kunya ba, kamar haka aka halicce ta. Ya mayar da idonsa kan injin.

"Ba injiniya ba ne, malamin lissafi ne. Ga ofishin nan a bayanki."

"Malamin lissafin da ke kwance inji? Ni dai na riga na raɗa suna."

Sunanta Khairat, sabuwar malamar Turanci. Mahaifinta Alhaji Jaji, wanda kakanninsa suka zo Kano daga Barno tun zamanin fatauci, ya yi shekara ashirin yana jami'in ban ruwa a Watari kafin ya yi ritaya ya koma unguwar Rijiyar Zaki a birni. Mahaifiyarta Hajiya Amsa tsohuwar shugabar makarantar firamare ce.

Kafin zangon ya ƙare, malamai sun daina mamakin ganinsu a inuwar dalbejiya lokacin hutun tara. Shi yana kawo mata tumatir da ya zaɓa da hannunsa, ita tana kawo masa tsofaffin jaridu. Saƙonsa na farko ya ɗauke shi kwana biyu yana rubutawa yana gogewa:

"Malamata, barka da hutawa. Na karanta jaridar da kika ba ni har tallan da ke bayanta. Ban fahimci rabi ba, amma na fahimci cewa hannunki ya taɓa ta."

Ta amsa nan take:

"Injiniyana, rabin da ba ka fahimta ba ka kawo mini gobe. Rabin da ka fahimta ka riƙe shi da kyau."

Wata rana ta nuna masa takardun ɗalibanta tana ƙorafi. An ce su rubuta yadda suka yi hutunsu, kuma misalin da ke littafin yana magana ne a kan yaron da ya je filin jirgin sama tarar kawunsa. Rabin ajin sun bar takardar fara.

"Ba abin da suka yi a hutun ne?" ta tambaya.

"Sun yi dashe, sun yi shema a gona, wasu sun kai shanu Shanono. Amma sun ga littafin bai ambaci irin wannan ba, sai suka ɗauka ba shi ake tambaya ba. Ni ma haka na yi ranar da na je gaban kwamiti."

"Wane kwamiti?"

Ya faɗa mata: gidauniyar tsofaffin ma'aikatan yankin, wadda ke ɗaukar ɗalibi ɗaya a kowace ƙaramar hukuma ta kai shi jami'a. Ya so ya karanta injiniyan ruwa. Aka bai wa wata 'yar manya, K. J. Bukar, da bai taɓa ganinta ba, don maza da safe aka gana da su, mata da rana.

Khairat ta ajiye takardun ɗalibanta. Sannan ta ce, "Khairat Jaji Bukar. Ni ce."

Ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya ce lokacin shiga aji ya yi.

Mako uku bai zauna a inuwar dalbejiya ba. Ta aika masa:

"Ko laifi na yi, ai ana sauraron mai laifi. Wallahi Abba bai nemi alfarmar kowa ba."

Ya amsa da layi ɗaya:

"Jami'in ban ruwa ba ya buƙatar nema, ana kawo masa har gida."

A mako na huɗu ta tare shi a ƙofar aji ta miƙa masa wata takarda da ta fara ja don tsufa. Bayan an fitar da sakamako a waccan shekarar, Hajiya Amsa ta rubuta wa gidauniyar wasiƙa tana neman cikakken makin 'yan takara, don ta san inda 'yarta ke da rauni. Ƙa'idar gidauniyar ta yarda da haka ga kowane uba ko uwa, sai dai ba a taɓa jin wani a Tudun Kanya ya san ana iya nema ba.

Jarrabawar rubutu maki sittin ce: Zaharaddini hamsin da huɗu, Khairat arba'in da ɗaya. Ganawar baki maki arba'in: Khairat talatin da biyar, Zaharaddini goma sha ɗaya. A gaban sunansa an rubuta da Turanci, ta fassara masa: "Ba ya kallon mai magana da shi. Ba shi da ra'ayin kansa. Bai nuna sha'awar karatun ba."

"Ni ne ban nuna sha'awa ba?" Ya zauna a dakalin ajin. "Da ƙafa na taka har titi ranar don in samu mota."

"Faɗa mini abin da ka yi tun daga ƙofa."

Ya faɗa mata. Ya cire takalmi a waje, ya durƙusa ya gaishe su. Sai da aka ce ya zauna sau uku kafin ya ɗosana a bakin kujera, domin dattawa ne sa'annin mahaifinsa. Aka tambaye shi abin da yake yi idan ba ya karatu, ya ce babu, don bai ga yadda zai ambaci gyaran inji da rabon ruwa a gaban masu manyan riguna ba. Wani daga cikinsu ya ce noman rani ɓata ruwa ne, me yake gani; shi Zaharaddini ya san ba haka ba ne, amma ya ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe." A ƙarshe aka ce ko yana da tambaya, ya ce babu. Yaro ba ya yi wa manya tambaya.

"Ni ma an gaya mini maganar noman ranin," in ji Khairat. "Da gangan suke yi, don su ga ko za ka yi musu. Na yi minti biyar ina musu, alhali ban taɓa riƙe fartanya ba. Abin da na ji Abba yana faɗa a kan tebur na maimaita."

Sai ta ba shi labarin gidansu, ba da alfahari ba. Kowace safiya akwai labaran rediyo da Turanci, kuma Alhaji Jaji ba ya barin a tashi daga cin abinci sai ya tambayi kowane yaro, "Kai me ka gani?" Wanda ya ce bai sani ba shi ake yi wa faɗa. Akwai kabad na littattafai a falo da ba a kulle shi. Hajiya Amsa ta san watan da kowane fom ke fitowa da ranar da ake rufe shi, tana da tambayoyin shekarun baya, tana zuwa makaranta ta zauna da malami kamar abokin aikinta ta tambayi dalilin kowane jan biro. Khairat ta saba da kwamfuta tun tana firamare, shi kuwa ranar jarrabawar shiga jami'a ce ranarsa ta biyu da taɓa ta. Mako guda kafin ganawar, iyayenta suka jera kujeru a falo suka zama kwamiti, suka sa ta shigo ta fita sau goma.

"Ba a sayi kowa ba, Injiniyana. Abin da suka zo nema, a gidanmu ake cin abinci da shi. Ba su san suna auna gida ba, sun ɗauka yaro suke aunawa."

Ya daɗe yana kallon takardar. Da an yi masa maguɗi da ya fi masa sauƙi, domin mai maguɗi ana iya kai ƙararsa wurin Allah da suna.

"Ki yafe mini zargin da na yi," ya ce.

"Na yafe tun kafin ka nema. Tumatirina fa? Mako uku miyarmu ba daɗi."

Bayan sallar layya ya je Rijiyar Zaki gaishe da Alhaji Jaji. Ya tarar da Ziyad a falon, ɗan abokin Alhaji, mataimakin malami a jami'a, wanda ya daɗe yana neman Khairat. Ziyad ya harɗe ƙafa a kujera yana ja-in-ja da Alhaji a kan farashin taki, suna dariya, Hausa na shiga Turanci na fita. Zaharaddini ya zauna a kan kafet kusa da ƙofa. Da Alhaji ya juyo ya ce, "Kai da kake cikin gonar, me ka gani?" sai tsohon hali ya riga shi: "Yadda kuka ce, Alhaji." Kuma ya san duk su biyun sun yi kuskure, domin takin da suke magana a kansa manoman Watari sun daina sa wa tumatir tun bara.

Da baƙi suka tafi, Alhaji Jaji ya kira 'yarsa.

"Ba rashinsa nake gudu ba, Khairat, ni ma ɗan mai sayar da kanwa ne. Yaron yana da ladabi, na gani. Amma shekara arba'in na yi ina gina abin da ke cikin gidan nan, kuma abu ne da ke zubewa a tsara ɗaya. Jikokina za su tashi a gaban uban da ba ya iya faɗin abin da ya sani. Za su je gaban kwamiti su durƙusa."

"Abba, ya fi ni maki goma sha uku a rubutu."

"Na sani, mahaifiyarki ta nuna mini. Shi ne abin da ya fi ba ni tsoro."

Hajiya Amsa ce ta samo mafita, ita da ba fom da ke wuce ta. A shekarar gidauniyar ta buɗe gurbi ga malaman ƙauye masu son yin digiri. Alhaji ya ce idan yaron ya koma gaban kwamitin ya fito da gurbin, ya turo magabatansa. Idan ya faɗi, a bar maganar, Ziyad yana jira.

Wata biyu Khairat tana horar da shi a ajin da babu kowa bayan an tashi, mai gadin makarantar, wani tsohon soja, yana zaune a matsayin shugaban kwamiti.

"Koma ka sake shigowa. Takalminka a ƙafarka. Ka ƙwanƙwasa, ka yi sallama a tsaye, ka zauna da zarar an ce ka zauna, ka jingina bayanka. Kalle ni."

"Idan na kalle ki mantawa nake da amsar."

"To kalli Baba mai gadi, shi ba ya sa mantuwa."

"Kai, Malama!" in ji tsohon. "A zamanina na sa 'yan mata mantuwa."

Ta koya masa ya ce "ban yarda ba, ga dalilina" har kalmomin suka daina yi masa nauyi. Ta sa ya mayar da gyaran inji da rabon ruwa labari mai farko da ƙarshe, da lambobi a ciki. Ta sa ya tanadi tambayoyi biyu da zai yi musu. Ta ce ya riƙa gwadawa a ko'ina, a kasuwa, a ɗakin malamai, har abin ya zama jiki. Ya zama jiki kuwa.

Ranar ganawar, da la'asar, saƙonsa ya shigo:

"Malamata, na zauna da takalmina. Na yi wa wani mai furfura musu, ya yi murmushi ya rubuta wani abu. Ji nake kamar na yi sata."

Bayan kwana goma sunansa ya fito shi ne na farko.

A makon ne manoman fadamar suka taru a gindin tsamiya don tsara rabon ruwa da lokacin dashe. Malam Sabo, wanda shekara talatin ana jin maganarsa a wannan zama, ya ce a jinkirta dashe mako uku kamar yadda aka saba. Zaharaddini yana tsaye a bayan dattawa. Bai yi shawara da zuciyarsa ba; bakinsa ne ya yi abin da aka koya masa. Ya dubi mahaifinsa ido cikin ido ya ce:

"Baba, ban yarda ba, ga dalilina. Idan aka jinkirta, tumatirin zai nuna cikin zafi, lokacin da tsutsar nan take yawa. Abin da ya cinye mu bara ke nan."

Dattawa suka dubi juna. Wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce maganar yaron tana kan hanya, wasu biyu suka goyi baya, aka tsayar da dashe da wuri. Malam Sabo ya ɗauki buzunsa ya tafi gida ba tare da ya jira addu'a ba.

A al'adar garin, ɗa mai ganin kuskuren uba yakan bari sai sun keɓe, ya zauna ƙasa da shi, ya kawo maganar a matsayin tambaya, ko ya bi ta bakin mahaifiyarsa, domin uban ya fito da gyaran kamar daga kansa. Zaharaddini ya san wannan sarai. Ya durƙusa a zaure ya ba da haƙuri har sau uku. Malam Sabo ya ce ba komai, amma da aka zo maganar zuwa Rijiyar Zaki neman aure, ya ce ƙafarsa na ciwo.

"Gidan da aka koya masa wannan tun kafin a ɗaura," ya ce wa matarsa Hure, "me za a koya wa 'ya'yansa bayan an ɗaura?"

Khairat ta ji labari. Ranar Asabar ta zo gidan, ta cire takalmi tun daga ƙofar zaure, ta gaishe da Inna Hure, ta roƙi a yi mata iso. Ta durƙusa nesa da tabarmar Malam Sabo, idonta a ƙasa. Ba ta saba da irin wannan durƙuson ba.

"Baba, ni na koya masa. Wata biyu ina hana shi sunkuyar da kai. Na gaya masa inda zai yi, ban gaya masa inda ba zai yi ba, don ni ma ban sani ba. A gidanmu ba a raba wuraren. Idan akwai hukunci, nawa ne."

Tsohon ya daɗe yana jan carbi.

"Ya samu abin da ya je nema?"

"Ya samu, Baba."

"Wancan karon da ya je da tarbiyyar da na ba shi, bai samu ba."

Ta ƙara sunkuyar da kai.

"Ashe ni na kayar da shi," in ji Malam Sabo a hankali. "Shekara bakwai ina tsine wa mutanen da ban sani ba."

"A'a, Baba, ba kai..."

"Tashi, 'yata, ƙasar da sanyi. Ki ce wa mahaifinki muna tafe ranar Juma'a."

An ɗaura auren a Rijiyar Zaki bayan an kwashe tumatir, wanda ya yi kyau a shekarar fiye da shekaru biyar da suka gabata. Ziyad ya halarta, ya yi musafaha da ango kamar yadda ya kamata ga ɗan gidan mutunci. Alhaji Jaji ya riƙe hannun ango ya ce, "Yanzu ka zama namu." Malam Sabo yana gefe, ya ji. Da aka kawo amarya Tudun Kanya, ya sa musu albarka da murya mai ƙarfi: Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya ba su zuriya mai albarka, Ya sa 'ya'yansu su san inda ake ɗaga kai da inda ake sunkuyar da shi. Jama'a suka ce amin. Inna Hure ta share ido da gefen mayafi.

Ga abin da aka samu, ga abin da ya rage. Zaharaddini ya samu matar da yake so da gurbin digiri a fannin lissafi. Injiniyan ruwa ya wuce shi, sai a bakin Khairat sunan ya tsaya. Khairat ta samu mijinta, ta kuma riƙe aikinta a makarantar, inda take jera kujeru kowace Alhamis tana sa 'yan aji uku su shigo su fita. Iyaye huɗu sun riga sun hana 'ya'yansu zuwa. Alhaji Jaji ya riƙe abin da ya gina. Kwamiti ya riƙe ma'auninsa, bai sauya ko layi ɗaya ba. Malam Sabo ya riƙe gonarsa da girmansa a gari, amma bai sake magana a gindin tsamiya ba. Idan aka tambaye shi lokacin dashe, sai ya nuna ɗansa da carbi ya ce, "Ku tambayi Malam." Haka yake kiransa yanzu, har a cikin gida.